Dakatarwa ce ko kora? Fassarar takardar makaranta daga Turanci zuwa Hausa

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malama ce a makarantar sakandare. Shugabanmu ya ba ni takardar da za a aika wa mahaifin wani ɗalibi, ya ce in mayar da ita Hausa tunda uban ba ya jin Turanci. Na yi, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ga ta Turancin na haɗo maka, ga kuma tsakiyar tawa: "Muna baƙin cikin sanar da kai cewa an kori ɗanka na mako biyu saboda ya saci amsa a jarrabawa. Ya kamata ka zo makaranta kafin ranar 6 ga Maris, in ba haka ba za a kore shi gaba ɗaya." Ina na kuskure? Kuma yaya zan yi Hausar ta fita sarai ba tare da takardar ta tashi daga ta hukuma ba?

Amsa: Malama, barka kadai. Gara da zuciyarki ba ta kwanta ba. Hausarki ta fita tas, babu inda mai karatu zai yi tuntuɓe, sai dai abin da ta faɗa ba shi makarantarku ta faɗa ba. Na jera jimlolinki biyu kusa da na Turancin, na ƙirga wuri shida da ma'ana ta goce. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suka goce: kin ƙara wa laifin yaron nauyi, kin rage wa umarnin da aka ba uban nauyi. Wanda ya karanta taki zai ɗauka an riga an gama da ɗansa, zuwansa makaranta kuma ganin dama ne. Makaranta kuwa akasin haka take nufi: ba a yanke komai ba tukuna, amma zuwansa dole ne.

Takardar hukuma ba labari take bayarwa kawai ba, aiki take zartarwa. Da zarar an sa mata hannu an buga hatimi, matsayin yaron ya canza, an ɗora wa uban wani nauyi, kwanaki sun fara tafiya. Don haka kafin ki rubuta kalma ɗaya ta Hausa, ki fitar da ƙashin bayanta a gefen takarda: me aka yi wa yaron, a kan wane dalili, me ake so uban ya yi, zuwa yaushe, me zai biyo baya in bai yi ba. Waɗannan su ne ba a taɓawa. Tsarin jimla kuwa, ki wargaza shi yadda Hausa ta so.

Mu fara da babbar, wato kora. Na san a bakin mutane kora tana da faɗi. Uwa takan ce an koro yara yau, alhali gobe za su koma. Amma a kan takarda mai hatimi, uba ya ga "an kori ɗanka", ba lalle idonsa ya kai kan "na mako biyu" ba, ballantana in wani ne yake karanta masa a tsaye cikin sauri. Kalmar da makarantarku ta yi amfani da ita, *suspended*, dakatarwa ce: sunan yaro yana nan a rajista, gurbinsa yana nan, an dai hana shi zuwa na wani lokaci. A ƙasan takardar kuma akwai wata kalmar dabam, *withdrawal*, wadda ke nufin cire shi daga makarantar. Akwai ta uku, *expulsion*, wadda ita ce korar gaske, kuma ba ta fito ko sau ɗaya a takardarku ba. Makarantu da yawa suna bambanta cirewa da kora a dokokinsu, domin kora tana bin yaro da tabo in ya je neman gurbi wani wuri. Ke kuwa kin haɗa duka a tukunya ɗaya, kin kira ta farko kora, ta biyu kora gaba ɗaya. Ki ba kowace sunanta: dakatarwa, cirewa, kora. In kin zaɓi kalma, ki riƙe ta daga kan takarda har ƙarshenta. A insha'i ana yaba wa mai sauya kalmomi don gudun maimaici, a nan kuwa sauyin kalma yana sa mai karatu ya zaci abu biyu ake nufi. Ki kuma guji "sallama". An sallami ɗalibi yana iya zama ya gama, yana iya zama an tashi makaranta, yana iya zama an raba shi da ita.

Na taɓa ganin abin da wannan kalma ɗaya ta jawo. Wata makaranta ta dakatar da yarinya na 'yan kwanaki, wanda ya fassara wa uban ya ce masa an kore ta. Mutumin bai yi gardama ba, ya haɗiye abinsa, ya bar ta a gida. Sai da zango ya kusa ƙarewa malamar ajinsu ta aika tambayar ko lafiya, sannan aka gane. Ranar da aka kawo mini takardar asali, tana ninke huɗu a aljihunsa, gefenta har ya yi laushi, ya nuna mini ita yana cewa ai ga shi nan an rubuta. Ba a rubuta ba.

Na biyu ya fi na farko hatsari a wajen makarantar kanta. Kin ce "saboda ya saci amsa". Turancin cewa ya yi *alleged*, ya kuma ƙara da cewa ana kan bincike. Zargi ne. Da "ya saci" kin yanke hukuncin da kwamitin ladabtarwa bai zauna ya yanke ba, kuma in bincike ya wanke yaron gobe, takardar Hausar nan ce uban zai ɗaga ya ce makaranta ta kira ɗansa ɓarawo a rubuce. Hausa tana da abin da ya dace: "ana zarginsa da". Kada ki yi amfani da "wai". Gaskiya ne "wai" tana nuna abin da ba a tabbatar ba, amma tana ɗauke da ƙamshin jita-jita, wani lokaci har da gatse, kamar makarantar ita ma ba ta yarda da abin da take faɗa ba. "Tuhuma" kuma ta yi nauyi, tana kai tunani kotu.

Sannan shi kansa laifin. Abin da aka rubuta, *examination malpractice*, ya fi satar amsa faɗi. Shiga da takarda a ɓoye, ba wani amsa, rubuta wa wani, shiga da waya, duk suna ciki. Wataƙila kin san abin da yaron ya yi tunda a makarantar kike, amma takardar ba ta faɗa ba, ke ma ba za ki faɗa ba. "Maguɗin jarrabawa" ta ɗauke faɗin nan duka. Wannan jaraba ce da ke kama mai fassara na cikin gida fiye da na waje: ya san labarin, sai labarin ya sulale cikin fassara bai sani ba.

Yanzu ga inda na fi so ki tsaya ki duba da kyau, wato ƙananan kalmomin nan masu auna nauyin umarni. Turancin ofis yana da ladabi na yaudara. Yakan ce ana roƙonka, ko ana ba ka shawara, alhali umarni ne. Takardarku ta ce *you are required to*, wannan kuwa dole ce tsagwaronta. "Ya kamata" a Hausa nasiha ce. Ita ce ake faɗa wa mutum a kan abin da ya fi masa kyau, in ya ƙi kuma ba wanda zai kama shi. Uba mai hidima ya ji "ya kamata ka zo", zai ce to, in na samu sarari. Abin da ya dace shi ne "wajibi ne" ko "dole ne". Ni na fi son "wajibi ne" a takarda ga iyaye, domin nauyinsu ɗaya amma ta fi "dole" taushi a kunne. "Ya kamata" ki ajiye ta don *should*, kuma ko ita sai kin duba ko akwai sakamako da aka rataya mata. Ga ma'aunin da nake amfani da shi: in jimlar da ke biye ta ce rashin yin abin zai jawo wani abu, to umarni ne, ko da wace irin riga ta ladabi aka sa masa.

Kalmar *may* kuwa ta fito sau biyu a takardarku, kuma ba abu ɗaya take nufi ba. A wuri na farko an ce rashin zuwan uban *may result in* cire yaron. Wannan yiwuwa ce: makaranta ta bar wa kanta ƙofa, tana iya cirewa, tana iya fasawa. Da kika rubuta "za a kore shi" kin rufe ƙofar, kin yi wa makaranta alkawarin da ba ta yi ba. Sai ki ce "yana iya sa a cire shi". Kada kuma ki gudu zuwa "wataƙila", domin ta yi sako-sako, kamar ana duban gari ko za a yi ruwa. A wuri na biyu an ce uban *may appeal*. Wannan ba yiwuwa ba ce, dama ce aka ba shi, haƙƙi ne. Nan sai "kuna da damar". Na lura wannan jimla ba ta cikin abin da kika turo. In a takardar ma kin bar ta don taƙaitawa, ki mayar da ita, domin ita kaɗai ce jimlar da ke gefen uban a duk takardar.

Game da *appeal* ɗin, "ɗaukaka ƙara" ita ce za ta fara zo miki, kuma ba kuskure ba ce. Sai dai kalmar kotu ce, mutum yana iya zaton sai ya nemi lauya. A takardar makaranta nakan rubuta "neman a sake duba wannan mataki". Ki lura na ce mataki, ban ce hukunci ba. Tunda ana kan bincike, ba a kai ga hukunci ba tukuna.

Sai kwanaki. "Kafin ranar 6 ga Maris" ta fitar da ita ranar 6 ɗin. Uban da ya shirya zuwa ranar zai ɗauka ya makara. *On or before* ta haɗa da ranar. Hausa tana da hanya mai sauƙi: "kada ya wuce ranar Alhamis 6 ga Maris", ko "ranar Alhamis 6 ga Maris ko kafin ranar". A Turancin an rubuta 06/03, kin kuma yi daidai da kika rubuta sunan watan, domin a tsarin Birtaniya wannan 6 ga Maris ne, a tsarin Amurka kuwa 3 ga Yuni. Ki ƙara da sunan ranar bayan kin duba kalanda, tunda mutane da yawa da rana suke riƙe alkawari, ba da lamba ba.

Wa'adin neman a sake duba matakin kuma *seven working days* ne daga ranar da aka rubuta takardar. In kika ce "kwana bakwai" ko "mako guda" kin cinye wa uban kwanaki. Mu ƙirga. Takardar tana ɗauke da Juma'a 28 ga Fabrairu. Kwana bakwai daga nan ya faɗa Juma'a 7 ga Maris. Ranakun aiki bakwai kuwa, in Asabar da Lahadi ne hutunku kuma an fara ƙirga daga Litinin, sun kai Talata 11 ga Maris. Bambancin kwana huɗu ke nan. Ki rubuta "ranakun aiki bakwai". Amma lissafin nan nawa kada ki saka shi a takardar da kanki. In kina ganin zai taimaki uban a faɗa masa ranar ƙarshe ƙiri-ƙiri, ki kai wa shugabanku, in ya yarda a ƙara a ta Turancin da ta Hausar duka.

"Baƙin ciki" ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da sauran. *Regret* ta farkon takardar ofis al'ada ce kawai, ba kuka ake yi ba. Baƙin ciki a Hausa ya yi mata yawa, ga shi kuma yana da ɗaya fuskar ta hassada. "Ba da son ranmu ba" ta isa.

Ga yadda zan rubuta jikin takardar:

> Zuwa ga iyaye ko mai kula da ɗalibi,
>
> SANARWAR DAKATAR DA ƊALIBI
>
> Bayan gaisuwa, muna sanar da ku, ba da son ranmu ba, cewa an dakatar da ɗanku daga zuwa makaranta na tsawon mako biyu, daga ranar Litinin 3 ga Maris. An ɗauki wannan mataki ne saboda ana zarginsa da maguɗin jarrabawa. Ana kan bincike a kan zargin.
>
> Wajibi ne ku bayyana a gaban kwamitin ladabtarwa na makaranta ranar Alhamis 6 ga Maris ko kafin ranar. Rashin zuwanku yana iya sa a cire shi daga makarantar.
>
> Kuna da damar neman a sake duba wannan mataki. Sai ku nema a rubuce, cikin ranakun aiki bakwai daga ranar da aka rubuta wannan takarda.

Ki duba, sakin layin farko a Turanci jimla ɗaya ce doguwa mai rassa, ni na yanka ta uku. Ba abin da ya ɓace. Hausa ba ta son a jibga mata sharaɗi a kan sharaɗi kafin a kai ga aikatau, kuma takarda irin wannan sau da yawa da baki za a karanta wa mai ita. Abin da ke sa takarda ta zama ta hukuma a Hausa ba tsawon jimla ba ne, ba kuma tara kalmomin Larabci masu wuya ba. Tsayayyun kalmomi ne, da rashin karin magana, da rashin lallashi.

Na mayar da "kai" zuwa "ku" da gangan. Turanci ba ya tilasta wa marubuci ya faɗi ko namiji yake yi wa magana ko mace, Hausa kuwa tana tilastawa, sai an zaɓi ka ko ki. "Ku" tana fitar da ke daga wannan, ta haɗa uwa da uba da mariƙi, ga ta kuma da girmamawa. Na rubuta "ɗanku" ne don kin ce mahaifinsa za a kai wa. Turancin *ward* ya ce, wato yaron da ke hannun mutum ko shi ya haife shi ko ba shi ba. In za a riƙa amfani da fassarar nan ga wasu ɗalibai, ki sa "ɗalibin da ke hannunku" sannan sunansa. Don *guardian* wasu sukan rubuta "waliyyi", ni ba na so, domin tunanin mai karatu aure yake tafiya.

Haka kuma na bar "an dakatar" yadda yake. Turancin bai faɗi wanda ya dakatar ba, kuma "an" ta Hausa tana yin wannan aiki daidai. In kika rubuta "shugaban makaranta ya dakatar da shi" kin ɗora wa mutum ɗaya abin da wataƙila na kwamiti ne, uban kuma ya san ƙofar wanda zai je ya yi wa faɗa.

Gaisuwa fa? *Dear* ba ta da alaƙa da ƙauna a takardar ofis, "Zuwa ga" ta wadatar. "Bayan gaisuwa" babu ita a Turancin, amma na yarda da ita, domin takardar Hausa da ta faɗa kan magana ba gaisuwa tana zama kamar zagi, kuma kalmomin biyu ba su taɓa ma'anar komai ba. Iyakar abin da zan ƙara ke nan. Ban da "ku yi haƙuri", ban da "kada ku damu", ban da "muna fatan komai zai wuce". Na san tausayi ne yake kawo su, amma uba yana iya karanta su a matsayin alkawari. A rufewa, "Naku" sannan suna da muƙami.

Lambar takarda, sunan makaranta, sunan yaro yadda yake a rajista, ajinsa da lambarsa, waɗannan ki kwafe su harafi da harafi, ko da kina ganin an rubuta sunan ba bisa ƙa'idar Hausa ba. Da su za a nemo fayil ɗinsa. In za ki buga, ki tabbatar haruffa masu ƙugiya sun fito. A takardar makaranta "an ɗage zama" da "an dage" ba su da bambanci sai ƙugiyar nan, ɗaya an matsar da rana, ɗaya an kafe. In kalma ta shige miki duhu, ƙamusun Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990 zai ba ki zaɓi, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 kuma zai nuna miki faɗin kowace kalma a Hausar kanta. Amma ƙamus ba zai gaya miki ko makarantarku tana bambanta cirewa da kora ba. Wannan sai littafin dokokinku.

In kin gama, ki samu wanda ba ya jin Turanci kuma bai san labarin ba, ki karanta masa sau ɗaya. Kada ki tambaye shi ko ya gane, zai ce ya gane. Ki tambaye shi: yaron nan zai koma makarantar? An tabbatar ya yi laifin? Uban zai iya ƙin zuwa? In ya je ranar 6 ga wata ya makara? In bai je ba tabbas za a cire yaron? Amsoshin da ya kamata ki ji su ne e, a'a, a'a, a'a, ba tabbas ba. Duk inda ya ba ki wata amsa dabam, jimlar ce da laifi, ba shi ba. Daga nan shugabanku ya karanta ta Hausar ya sa hannu da kansa, ko a fassara masa ita in ba ya jin Hausa, a rubuta a ƙasa cewa fassarar takarda ce mai lamba kaza, a haɗa su biyu a aika tare.

Akwai abu ɗaya da ba za ki iya gyarawa da fassara ba, domin a Turancin matsalar take. An ce dakatarwa ta mako biyu, an kuma ce ana kan bincike, ba a faɗi ranar dawowa ba. In aka ƙirga daga Litinin 3 ga Maris, yaron zai dawo Litinin 17 ga Maris. To in binciken bai ƙare ba a ranar, ya dawo ko ya ci gaba da zama a gida? Wannan ce tambayar farko da uban zai yi wa duk wanda ya miƙa masa takardar. Ki kai wa shugabanku ita kafin a buga, a gyara ta Turancin, sannan ki bi ta da Hausar.